Idan Hirarraki Suka Makara: Wasiƙar da Ɗalibi Ke Rubuta wa Mai Duba Kundinsa

Ɗalibin da bincikensa bai wuce ɗakin karatu ba, lokacinsa a hannunsa yake. In ya ga dama ya kwana yana karatu, in ya yi lalaci ya san wanda zai zarga. Amma wanda kundinsa ya dogara da hira da mutane, lokacinsa yana hannun wasu. Yana hannun kwamitin da zai ba shi izini, da dagacin da zai gabatar da shi ga jama'a, da maigidan da zai yarda a shiga gidansa, da manomin da ba ya zama sai ya dawo daga gona. Kowannensu yana da nasa uzurin, kuma babu wanda ya san ranar da sashe ya yanka wa ɗalibi don miƙa aiki. Shi ya sa jinkirin hira ba baƙon abu ba ne a wurin malaman jami'a, sun sha gani. Abin da ke bambanta ɗalibi da ɗalibi shi ne yadda yake sanar da malaminsa, da lokacin da ya sanar da shi.

Ra'ayina a kan wannan wasiƙa guda ɗaya ne. Ladabi ya wajaba a cikinta, amma ba ladabi ke sa a amince da ita ba. Lissafi ke sa a amince. Malami yana son ya ga abin da aka shirya, da abin da ya faru, da abin da ya rage, sannan ya ga ranar da ake nema ta fito daga cikin wannan lissafin, yadda in ya ɗauki biro ya bi da kansa zai isa ga ranar da ɗalibin ya isa.

Wane lokaci ne ake nema?

Kafin a ɗora alƙalami a takarda, sai ɗalibi ya san irin wa'adin da ke gabansa, domin iri biyu ne, kuma da yawa suna cakuɗa su. Akwai ranar da malami ya sa da kansa, kamar ya ce a kawo masa babi na huɗu a ƙarshen wata. Wannan tsakanin mutum biyu ce, malami yana iya ɗaga ta a zaune a ofishinsa. Akwai kuma wa'adin jami'a: iyakar zangunan karatu da aka ba ɗalibin digiri na biyu ko na uku ya gama, da ranar da za a rufe karɓar kundaye don aika wa mai jarrabawa na waje. Wannan ba ta malami ba ce. A yawancin jami'o'in Nijeriya irin wannan buƙata takan tashi daga mai duba aiki zuwa kwamitin sashe mai kula da manyan digirori, ta bi ta hannun shugaban sashe, ta isa makarantar karatun gaba da digirin farko, inda hukuncin yake. Waɗannan kwamitoci ba kullum suke zama ba. Takardar da ta makara da kwana biyu tana iya jiran zama na gaba, kuma kafin nan wa'adin ya cika.

Saboda haka abu na farko shi ne a buɗe littafin ƙa'idojin makarantar, a duba zango nawa aka yarda, wa ake rubuta wa, ko akwai fom na musamman. A kuma duba ko ƙarin lokacin zai tsallaka cikin sabuwar shekarar karatu, domin in ya tsallaka, galibi sai an sake rajista an biya kuɗin makaranta. Malamin jami'a ko kwaleji da ke karatu da tallafin TETFund, ko ma'aikacin da aka ba hutun ƙaro ilimi, yana da wani wa'adin na uku a wurin aikinsa, wanda ƙarin lokacin jami'a ba ya ɗaga shi. Wanda ke karatu a Birtaniya kuma zai tarar cewa malaminsa ba ya ba da ƙarin lokaci da baki, fom ake cikewa a haɗa da shaida, kuma dole ya duba ranar ƙarewar bizarsa. A duk waɗannan wurare wasiƙar da aka rubuta wa malami ita ce tushe, domin da ita zai tsaya wa ɗalibinsa a gaban kwamiti. In babu komai a cikinta sai roƙo, shi ma ba shi da abin faɗa a can.

Yadda mako biyar ke zama mako tara

A ɗauki misalin wata ɗalibar digiri na biyu a fannin faɗakar da manoma. Tana bincike a kan yadda mata masu turara shinkafa ke samun jari, a ƙauyuka uku na yankin Kura a Jihar Kano, inda noman shinkafa da sarrafa ta suka kafu saboda ruwan da ake korowa daga madatsar Tiga. A shawarar binciken da ta kare a gaban sashe, ta ce za ta yi hira mai zurfi da mata 24, takwas a kowane ƙauye. Tsarinta shi ne ta fara ranar 1 ga Satumba, tana yin hira huɗu a mako, ta gama cikin mako shida, ranar 12 ga Oktoba. Sai ta ba kanta mako tara na rubuta hirarrakin, da nazarinsu, da rubuta babi na huɗu da na biyar, ta miƙa cikakken kundi ranar 15 ga Disamba.

Tsari ne mai kyau, amma ya rataya a kan takarda ɗaya. Ba a fara hira da mutane sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tambayoyin da takardar neman yarda, ya tabbatar babu cutarwa ga waɗanda za a tambaya. A fannin lafiya wannan doka ce mai ƙarfi, tun da Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa a 2007, kuma yanzu jami'o'i da dama suna buƙatar irin wannan izini a sauran fannonin da ake hulɗa da mutane. Ɗalibarmu ta miƙa takardunta a watan Yuli, izinin bai fito ba sai 29 ga Satumba. Ta ɗauki mako guda tana kai takardar gabatarwa wurin hakimi da dagatai, da neman shugabannin ƙungiyoyin mata. Hirarta ta farko ta kasance ranar 6 ga Oktoba. Ta makara da mako biyar ke nan.

A nan ɗalibai ke yin kuskuren lissafi. Sai su ce an rasa mako biyar, to a nemi mako biyar. Amma mako biyar ɗin nan sun fitar da ita daga Satumba, lokacin da shinkafar damina take gona kuma matan suna da ɗan sarari, sun jefa ta cikin kaka. Da an fara girbi shanshera ta shigo, mai turara shinkafa ba ta da lokacin zama. Tun asuba tana kan wuta, da rana tana shanya tana juyawa, in hadari ya taso a kwashe, ranar kasuwa kuma ba a maganar hira. A wannan watan take samun abin da za ta riƙe, babu dalilin da za ta bar tukunya don ta amsa tambayoyin baƙuwa. Sai hira huɗu a mako ta koma biyu. Wata ranar ɗalibar ta biya kuɗin mota ta je ta dawo ba ta samu kowa ba. Bayan mako shida a fili, ranar 16 ga Nuwamba, hirarta 13, ta rubuta tara daga ciki, saura 11 ba a yi ba. Wata guda ya rage ga ranar miƙa kundi.

Yanzu ne lokacin rubuta wasiƙa, ba ranar 14 ga Disamba ba. Da ma ta yi wa malaminta ɗan saƙo tun tsakiyar Satumba cewa izini bai fito ba, da ya fi, domin wasiƙar da ta zo bayan an riga an sanar da malami matsalar ba ta zuwar masa da mamaki.

Kafin ta rubuta, sai ta zauna da kalanda. Ta yi magana da shugabannin ƙungiyoyin, sun tsara mata ranaku da yamma bayan la'asar, ta ga za ta iya hira uku a mako. Hira 11 a uku-uku mako huɗu ne, daga 17 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba. Sai aikin da mutane ke mantawa da shi, wato mayar da magana rubutu. Masu wannan aiki sun san cewa sa'a ɗaya ta muryar da aka naɗa tana cin sa'a huɗu zuwa shida wajen rubutawa, in an yi sa'a babu ƙarar injin casa ko kukan yara a baya. Hirarrakinta da Hausa aka yi, kundin kuma da Turanci ne, don haka bayan rubutawa akwai fassara. Hirar minti 50 tana cinye mata wuni guda cur. Tana da huɗu da ba ta rubuta ba, ga 11 masu zuwa, 15 ke nan. A makonni huɗun da take zuwa ƙauye za ta iya rubuta biyu a mako, takwas sun tafi, saura bakwai, ta ba su mako biyu, zuwa 28 ga Disamba. Nazari, wato karanta hirarrakin a kai a kai, da yi wa maganganu alama, da haɗa masu kama da juna har jigogi su fito, mako uku, zuwa 18 ga Janairu. Rubuta babi biyu mako huɗu, zuwa 15 ga Fabrairu. Sai ta ƙara mako biyu na ko-ta-kwana, domin rasuwa a ƙauye ɗaya tana iya ɗage hirar mako guda. Lissafin ya tsaya a 2 ga Maris, mako 11 bayan ranar farko.

A lura da abin da lissafin ya nuna. Aikin fili da ya kamata ya ƙare 12 ga Oktoba zai ƙare 14 ga Disamba, jinkirin mako tara ke nan, ko da yake takardar izini mako biyar kawai ta ci. Da ta nemi mako biyu, kamar yadda kunya ke sa ɗalibai yi don kada a ga sun nemi da yawa, da ta dawo neman ƙari a karo na biyu da na uku. Kuma roƙo na biyu ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba, domin a lokacin malami ya daina yarda da ranakun da ɗalibin ke faɗa.

Wasiƙar kanta

A sassa da yawa da Turanci za a rubuta ta, a sashen Hausa kuma da Hausa, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. Bayan adireshi da kwanan wata da lambar rajista, ga yadda tata za ta kasance:

"Ranka ya daɗe Farfesa,

Neman ƙarin lokacin miƙa kundi daga 15 ga Disamba zuwa 2 ga Maris

Bayan gaisuwa da fatan Malam yana lafiya, ina neman a ƙara mini mako 11 a kan ranar miƙa cikakken kundina, saboda jinkirin da na samu wajen tattara bayanai.

Na shirya fara hira ranar 1 ga Satumba. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike, wanda na nema a watan Yuli, ya fito ranar 29 ga Satumba, na fara hira ranar 6 ga Oktoba. Wannan ya sa aikin ya faɗa cikin kaka, lokacin da matan da nake hira da su ba su da sarari, sai na riƙa samun hira biyu a mako maimakon huɗu.

Zuwa yau na yi hira 13 cikin 24, na rubuta tara na fassara su. Babi na ɗaya zuwa na uku suna hannun Malam, kuma na shigar da gyaran da aka yi mini a na ɗaya da na biyu. Shugabannin ƙungiyoyin mata sun tsara mini ranakun sauran hira 11.

Zan gama hira ranar 14 ga Disamba, rubutawa da fassara ranar 28 ga Disamba, nazari ranar 18 ga Janairu. Zan kawo babi na huɗu ranar 2 ga Fabrairu, na biyar ranar 16 ga Fabrairu. Na bar mako biyu don abin da ka iya tasowa.

In Malam ya ga lokacin ya yi yawa, ana iya tsayawa a hira 18, shida a kowane ƙauye, wanda zai rage kamar mako uku. Na fi son a cika 24, domin ƙauye na uku hira biyu kawai na yi a can, amma shawarar Malam nake jira.

Na haɗa da kwafin takardar izini da jadawalin hirarrakin da aka yi. Ina roƙon Malam ya sanar da ni ko sai na rubuta wa makarantar gaba da digirin farko ta hannun shugaban sashe, don in shirya takardar kafin zaman kwamiti na gaba.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarka."

Shafi ɗaya ce, kuma haka ya kamata. Buƙatar tana layin farko, har a kan take, da rana da wata. Malamin da ke duba ɗalibai da yawa, ga koyarwa ga taro, in ya karanta layi biyu ya san abin da ake so. A al'adarmu ba a faɗa wa babba buƙata kai tsaye, sai an yi gaisuwa an kewaya, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma wurin doguwar gaisuwa shi ne lokacin da aka je ofis aka durƙusa aka miƙa takardar. Ita takardar za ta shiga fayil, wasu da ba su san ɗalibar ba za su karanta ta, don haka gaisuwa layi ɗaya ta wadatar.

Dalilin kuma an faɗe shi da ranaku, ba a zargi kowa ba. Ba ta ce kwamiti ya yi sakaci ba, ta ce ta nema a Yuli ya fito 29 ga Satumba. Mai karatu zai gane da kansa. Wannan ya fi adalci, domin ba ta san abin da ya tsare takardar ba, kuma ba mamaki wani ɗan kwamitin yana cikin waɗanda za su duba buƙatarta. Haka ba ta ɗora wa matan laifi ba. Ba su yi wa jami'a alkawarin komai ba, alfarma suke yi mata.

Sakin layi na uku, inda ta faɗi abin da ta gama, shi ne ya fi nauyi a wurina. Tambayar da ke zuciyar kowane malami idan aka nemi ƙarin lokaci ita ce: shin hirar ce ta makara, ko ɗalibin ne bai yi komai ba yana fakewa da ita? Amsar tana cikin abin da aka yi a lokacin jira. Wanda ya jira izini mako biyar, ya kuma gyara babukan farko, ya gwada tambayoyinsa a kan abokan karatu, ya nuna jinkirin ba daga gare shi ba ne. Wanda ya ce hira ta makara amma babi na biyu ma bai taɓa shi ba, malami zai gane matsalar ta fi hira girma.

A jadawalin da ta haɗa, ba ta sa sunan ko mace ɗaya ba. Lamba ta ba kowace, da ƙauye da ranar hira da tsawon mintuna. Ta yi musu alkawarin sirri a takardar neman yarda, kuma wasu sun gaya mata bashin da ke kansu wanda ko mazajensu ba su sani ba. Son kafa hujja a gaban malami ba ya halatta a karya wannan alkawari. Muryoyin da ta naɗa suna nan a ajiye in an nemi tabbaci.

Uzurin da ake karɓa

Abin da kwamitoci ke dubawa shi ne ko dalilin ya fi ƙarfin ɗalibi, ko ba a iya hango shi ba, da ko akwai shaida. Wasu dalilan kowa ya san su. Yajin aikin ASUU na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas da ɗalibi ba zai samu mai sa hannu a takardar gabatarwa ba. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, wanda duk ya shirya hira ta waya da mutanen can aikinsa ya tsaya. A farkon 2023 ƙarancin takardun Naira ya sa kuɗin motar zuwa ƙauye ma ya gagara. Irin waɗannan ambato ya isa, sai dai ɗalibi ya nuna yadda suka taɓa nasa aikin, wane gari, wane mako. Hanyar da ta zama haɗari kuwa, babu kundin da ya kai ran mutum, kuma malami na gari shi zai fara cewa kada a je.

Akwai kuma dalilan da suke gaskiya amma ba su da ƙarfi, domin suna cikin kalanda tun farko. Azumi da Sallah da aikin Hajji da damina ba sa zuwa ba zata. Wanda ya tsara hira da 'yan kasuwa a goman ƙarshe na Ramadan, ko da manoma a tsakiyar shuka, tsarinsa ne ya gaza. In haka ne, gara ya faɗa a jimla ɗaya cewa bai yi la'akari da lokacin ba, ya wuce ga sabon jadawali. Malamai suna yafe kuskuren tsari cikin sauƙi. Abin da ba sa mantawa shi ne uzurin da aka ƙirƙira, musamman rashin lafiya ko rasuwar da ba ta faru ba.

Ko a rage yawan hirar?

Wani lokaci amsar da ta dace ba ƙarin lokaci ba ce, rage aiki ne, shi ya sa ɗalibarmu ta ba malaminta zaɓi na biyu. A bincike irin na hira mai zurfi, yawan mutane ba shi ne ma'auni ba. Ana duba ko an kai inda sababbin hirarraki suka daina kawo sabuwar magana. Wani nazari da Greg Guest da Arwen Bunce da Laura Johnson suka wallafa a 2006, wanda suka gina a kan hira 60 da mata a Ghana da Nijeriya, ya gano cewa kusan dukkan jigogin sun riga sun bayyana a cikin hira 12 na farko. Ɗalibai suna son kafa hujja da wannan, amma yana da iyaka, kuma marubutan da kansu sun faɗe ta: mutanen da suka tambaya masu kama da juna ne, tambayoyin kuma a tsare suke a kan abu ɗaya. Ɗalibarmu tana da hira 13, amma biyu kawai daga ƙauye na uku. In wannan ƙauyen ne ba shi da ƙungiyar adashi mai ƙarfi, ko shi ne ya fi nisa da kasuwa, to maganar da ba ta ji ba tana can. Jimillar 13 ba ta gaya mata komai a kan wannan. Hanyar ganewa ita ce ta duba hirarrakinta uku ko huɗu na ƙarshe a kowane ƙauye, ta ga ko har yanzu tana buɗe sabon jigo.

Komawa hira ta waya ma zaɓi ne, amma yana canza abin da ake ji. A ƙauye wayar gida sau da yawa ta maigida ce, kuma macen da ake tambaya game da jarinta da bashinta ba za ta saki jiki ba yana tsaye a gefe. Duk wani canji irin wannan, rage adadi ko sauya hanya ko sauya gari, ba ɗalibi ke yanke shi shi kaɗai ba. Sai malami ya yarda, a gyara babi na uku ya faɗi abin da aka yi na gaskiya, wani lokaci ma a sanar da kwamitin da ya ba da izini.

Akwai hanya ta uku da wasu ke bi idan lokaci ya ƙure kuma kunya ta hana su rubuta wasiƙa: su zauna a ɗaki su ƙirƙiro sauran hirarrakin. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk maganar. Ƙarya ce a kan mutanen da ba su faɗi abin ba, kuma wani yana iya ɗaukar kundin gobe ya gina shawara a kansa. Ana kuma ganewa. Hirar gaske tana da kwana-kwana, mace ta fara magana ta katse, ta saɓa wa abin da ta faɗa ɗazu, ta kawo sunan ma'auni ko wata dabarar bashi da mai bincike bai taɓa ji ba. Ta ƙirƙira kuwa kowa yana magana da murya ɗaya, yana amsa daidai abin da babi na biyu ya yi hasashe. Mai jarrabawa na waje da ya san fagen yana iya cewa a kawo muryoyin a ranar kare kundi. Makarar mako 11 ana gyara ta da takarda ɗaya, wannan kuwa tana iya cin digirin gaba ɗaya.

Bayan an miƙa

Saƙon waya yana da amfani wajen neman lokacin ganawa, amma ba ya zama a madadin wasiƙa. A buga ta a sa hannu, a kai da kai in da hali, a riƙe kwafi. In ta imel aka aika, a ajiye amsar. Idan malami ya ce "ba komai, je ki ci gaba" da baki, a gode masa, sannan a roƙe shi cikin ladabi ya rubuta amincewarsa a jikin kwafin ya sa hannu da kwanan wata. Ba rashin yarda da shi ba ne. Malamai suna tafiya hutun shekara, ana sauya shugaban sashe, kuma ranar da aka buɗe fayil abin da ke rubuce kawai ake gani. In akwai mai dubawa na biyu, shi ma a ba shi nasa kwafin, kada ya ji labari a wurin taro.

Idan mako guda ya wuce shiru, a leƙa ofis ko a aika gajeren tuni, a ambaci ranar zaman kwamiti in an san ta. Aikin fili kuma ba ya tsayawa jiran amsa, ɗalibarmu tana ƙauye ranar 17 ga Nuwamba ko an amsa ko ba a amsa ba. In aka ba ta ƙasa da abin da ta nema, a ce mako takwas, sai ta koma kan kalanda tare da malamin su fitar da abin da za a rage, ta rubuta sabon jadawalin ta aika masa a ranar. Daga nan duk ranar da ta faɗa a wasiƙa ta zama alkawari. Ranar 15 ga Disamba ta aika layi biyu cewa hira ta kammala, ga adadin da aka samu a kowane ƙauye. In kuma wata ranar za ta kuɓuce, ta faɗa tun saura mako guda, tare da sabuwar ranar da abin da zai ci daga makonni biyun da ta ajiye.